Yadda Ake Rubuta wa Banki Wasiƙar Rufe Asusun da Aka Daina Amfani da Shi, a Karɓo Ragowar Kuɗin

Goge manhajar banki daga waya ba ya rufe asusu. Karya katin ATM ma ba ya rufe shi, haka kwashe kuɗin da ke ciki a wajen mai POS. Muddin ba ka sanar da banki a rubuce ba, asusun yana nan da sunanka, ɗaure da lambarka ta BVN da kuma layin wayar da ka bayar ranar da ka buɗe shi. A wannan darasi za mu ga yadda ake rubuta wasiƙar da za ta sa a rufe shi, a kuma miƙo maka abin da ya rage, ba tare da an yi ta yi maka jeka-ka-dawo ba.

Zan ɗauki misali daga Daddara, garin da ke kan hanyar Katsina zuwa Jibiya, domin a irin wannan wuri ne kuskure ƙarami a takarda yake da tsada. Mafi yawan rassan bankuna suna cikin birnin Katsina. Wanda ya taso daga Daddara ya biya kuɗin mota, ya ratsa shingayen bincike, ya bi layi, sannan aka ce masa "dawo gobe da kaza", to ya yi asarar yini guda da kuɗin mota na zuwa da dawowa. Idan abin da ke cikin asusun bai taka kara ya karya ba, tafiya uku ta isa ta cinye shi. Don haka abin da muke nema shi ne a gama komai a tafiya ɗaya.

Misalin da za mu bi

A ce wani matashi ne a Daddara da ke harkar kai kaya tsakanin Magama da Ɗan Isa. Ya buɗe asusun ajiya a wani banki a Katsina a shekarar 2018. Da aka rufe iyakar Najeriya da Nijar a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai, harka ta tsaya cak, shi kuma ya koma amfani da wani asusun na manhajar waya. Alat na ƙarshe da ya gani daga tsohon bankin ya nuna Naira 21,300. Ko da aka buɗe iyakar a watan Maris na 2024 bai sake waiwayar asusun ba. Katinsa ya mutu, kuma layin da ya yi rajista da shi ya daɗe da barin hannunsa.

Batun layin nan shi ne ya fi komai haɗari, kuma ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. A watan Satumban 2021 an katse sadarwar waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Jibiya, aka kwashe watanni ba sabis. Duk wanda ya ajiye sim a irin wannan lokaci bai sake komawa kansa ba, ya kamata ya san cewa kamfanin waya ba ya barin layi ya zauna haka nan har abada. Idan ya daɗe ba a yi amfani da shi ba, kashe shi ake yi, daga baya a sayar wa wani. Banki kuwa ba shi da labari. Duk alat da duk lambar tabbatarwa ta OTP za su ci gaba da tafiya wayar mutumin da ba ka taɓa gani ba. Idan mai tsoron Allah ne, ya goge. Idan ba haka ba, ya riga ya san sunanka da bankinka da abin da ke ciki, saura ya fara gwada sa'arsa ta USSD. Wannan kaɗai ya isa dalilin rufe asusu, ko da Naira ɗari biyu ce a ciki.

Me asusun ya zama bayan ka bar shi?

Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fitar da sabuwar ƙa'ida kan irin waɗannan asusai a watan Yulin 2024. A taƙaice, asusun da mai shi ya yi wata shida bai taɓa ba ana ɗaukar sa a matsayin wanda ba ya motsi. Idan ya cika shekara guda a haka, ya zama asusu mai barci, abin da za ka gani an rubuta `Dormant` a manhaja ko a kwamfutar ma'aikacin banki. Kuɗin ruwa da banki ke zubawa ko cajin da yake cirewa ba sa cikin lissafin motsi. Abin da kai ka yi da hannunka shi ake ƙirgawa.

Asusun matashinmu ya haura shekara, saboda haka barci yake yi. Ma'anar wannan a aikace ita ce ba a iya fitar da kuɗi daga cikinsa sai an farfaɗo da shi. A nan ne da yawa suke tuntuɓe. Mutum ya rubuta "a rufe mini asusu" kawai, sai a ce masa ai sai an fara farfaɗo da shi, wannan kuma wani fom ne daban da wasu takardu daban. Maganin abin shi ne ka haɗa buƙatun a wasiƙa ɗaya: a farfaɗo, a tura ragowar kuɗi, a rufe. Bisa ƙa'idar CBN, farfaɗo da asusu kyauta ne, kuma a jadawalin caje-cajen banki da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020, rufe asusu ma ba a biyan ko kwabo. Duk wanda ya ce ka kawo "kuɗin rufewa", ka nemi ya rubuta maka a takarda.

Abin da za ka gama a waya kafin ka taɓa biro

Fara da lambobinka. Danna `*565*0#` a layin da aka yi rajistar BVN da shi domin ganin lambar, sannan `*346#` domin NIN. Kowace lamba 11 ce, kuma ana cire ɗan caji. Idan layin da ya ɓata shi ne na BVN ɗin, wannan hanya ba za ta yi ba. Duba cikin manhajar asusun da kake amfani da shi yanzu, a sashen bayananka, ko ka tambaya a banki da katin shaidarka.

Daga nan ka kwatanta sunaye. Yadda aka rubuta sunanka a BVN, da NIN, da tsohon asusu, da sabon asusun da za a tura kuɗin, su zama sun dace. Mu a nan arewa wannan ita ce babbar matsalarmu: a wata takarda Muhammad, a wata Mohammed, a wata kuma an sa sunan gari a madadin sunan uba. Idan bambancin ya yi yawa, ma'aikacin banki ba zai yi kasadar sakin kuɗi ba, sai an gyara. Gara ka gano haka kana zaune a gida. Ka kuma tuna cewa tun daga 1 ga Maris 2024, CBN ya ba da umarnin a tsayar da shige da fice a asusun da ba a haɗa shi da BVN ko NIN yadda matakinsa ya buƙata ba. Wanda ya buɗe asusu a 2018 ya watsar, akwai yiwuwar bai taɓa kai NIN ɗinsa ba. Tafi da takardar.

Abu na gaba, tambayi kanka me ke rataye da asusun. Akwai wanda har yanzu yake da tsohuwar lambar, kamar abokin ciniki a Maraɗi ko ɗan'uwa da ke Legas? Ka taɓa cike wani fom na tallafi ko na aiki da ita? Ka sanar da su sabuwar lamba kafin a rufe, domin kuɗin da aka tura asusun da aka rufe ko dai ya ƙi tafiya, ko ya maƙale sai wanda ya turo ya yi ta zarya kafin a mayar masa.

Sai bashi. Idan ka taɓa cin ɗan rancen nan na danna lamba, ko asusun ya shiga ramin caji har lissafi ya koma ƙasa da sifili, banki ba zai rufe ba sai ka biya. Kada kuma ka ɗauka gudu zai fishe ka. Tun watan Agustan 2020 akwai tsarin GSI, wanda ya ba banki damar ciro bashinsa daga wasu asusan da ke ɗauke da BVN ɗinka a wasu bankunan, idan ka amince da wannan sharaɗi lokacin karɓar rancen. Mafi yawanmu kuwa muna danna amincewa ba tare da mun karanta ba.

Wasiƙar kanta

Da Turanci bankuna suke ajiye takardunsu, don haka wadda za ka miƙa da Turanci za ta kasance. Amma shawarata ita ce ka fara tsara ta da Hausa, ka san abin da kowace jimla ke nema, sannan kai ko wanda ka amince da shi ya juya ta jimla bayan jimla. Matsalar kwafo samfuri daga intanet ita ce yawancinsu an rubuta su ne don wasu ƙasashe, suna cike da gaisuwa da godiya, babu BVN, babu maganar farfaɗowa. Kanun wasiƙar, wanda shi ma'aikaci zai fara kallo, ga yadda ake rubuta shi:

```
REQUEST FOR ACCOUNT CLOSURE AND TRANSFER OF BALANCE
```

Ga kuma abin da matashinmu zai faɗa:

> Daddara, Ƙaramar Hukumar Jibiya, Jihar Katsina.
> Kwanan wata: ……
>
> Zuwa ga Manajan Reshe,
> Bankin ……, reshen ……, Katsina.
>
> Ranka ya daɗe,
>
> NEMAN RUFE ASUSU DA TURA RAGOWAR KUƊI
>
> Ni ne ……, mai asusun ajiya mai lamba …… a wannan banki. Lambata ta BVN ita ce ……
>
> Na daina amfani da wannan asusu tun watan Agustan 2023. Ina neman a farfaɗo da shi idan yana barci, a tura duk abin da ya rage a ciki zuwa asusuna da ke ƙasa, sannan a rufe shi baki ɗaya.
>
> Sunan banki: ……
> Sunan mai asusu: ……
> Lambar asusu: ……
>
> Layin wayar da ke kan wannan asusu, mai lamba ……, ba ya hannuna yanzu. A cire shi, a tsayar da duk wata hulɗa ta USSD da manhaja da ke kansa daga yau. A tuntuɓe ni ta wannan lamba: ……
>
> Ina kuma neman a soke katin ATM da duk wani umarnin cire kuɗi da ke kan asusun, a ba ni bayanin shige da ficen kuɗi na ƙarshe, da shaidar rufewa a rubuce.
>
> Na haɗo kwafin takardar NIN da tsohon katina.
>
> Naka,
> Sa hannu: ……
> Cikakken suna: ……

Shafi ɗaya ke nan, kuma bai kamata ta wuce haka ba. Bari mu tsaya kan wuraren da suke da dalili.

Ka lura ba a rubuta adadin kuɗi ba. An ce "duk abin da ya rage". Da gangan ne. Naira 21,300 da matashinmu ke riƙe da ita a ka lissafin 2023 ce. Tun daga lokacin abubuwa sun shiga, wasu sun fita. Jadawalin 2020 ya yarda a riƙa cirar Naira 50 duk wata uku kuɗin kula da kati a asusun ajiya, da harajin VAT ta zama Naira 53.75. Kowane alat na saƙon tes yana da nasa caji. Idan ya taɓa ɗaura katin a wata manhajar kallo ko ta sauraro, ita ma ta ci gaba da yanka duk wata har ranar da katin ya mutu. A ɗaya ɓangaren kuma asusun ajiya yana samun kuɗin ruwa, don haka wani sai ya tarar nasa ya ƙaru. Idan ka rubuta 21,300 alhali abin da ke ciki 18,640 ne, umarninka ba zai aiwatu ba, sai ka sake wata wasiƙar. Idan kuma abin da ke ciki ya fi abin da ka rubuta, za a bar ragowa, asusun da ke da ragowa kuwa ba a rufe shi ba ke nan.

Wannan ne ma ya sa dabarar "bari in kwashe komai ta waya in bar musu kayansu" ba ta cika aiki ba. Wasu nau'o'in asusu suna da ɗan abin da ba a yarda a cire ba, dole ya zauna a ciki. Wannan kuɗi naka ne, amma sai a ranar rufewa yake fitowa.

Na biyu, asusun da za a tura kuɗin ya zama naka, da sunanka. Kada ka sa na mai POS ɗin unguwarku ko na yayanka. Banki na iya ƙi, kuma ko ya yarda, ka buɗe wa kanka ƙofar rigima. Lambar asusu a Najeriya guda 10 ce. Ka ƙirga ta sau biyu, ka rubuta sunan bankin yadda yake fitowa a jerin bankuna idan za a tura kuɗi. Idan asusun manhaja ne irin OPay, ko PalmPay, ko Moniepoint, duba matakinsa: asusun mataki na farko ba ya riƙe abin da ya haura Naira 300,000, kuma akwai iyaka kan abin da zai iya shiga a lokaci guda. Ga mai dubu goma sha takwas wannan ba damuwa ba ce, amma wanda ya bar kuɗi mai kauri sai ya ɗaga matakin tukuna. Ga mutanenmu da zamansu ya koma tsallake kuwa, a sani cewa kuɗin Naira ne, kuma asusun Naira a Najeriya za a tura shi, ko a ba ka a hannu a kanta. Banki ba zai canza maka shi zuwa sefa ya aika Maraɗi ba. Wannan aikinka ne da 'yan canji bayan kuɗin ya fito.

Na uku, sakin layin da ya yi maganar tsohuwar lambar waya. Kusan duk samfuran da ke yawo ba su da shi, alhali rufe asusu na iya ɗaukar kwanaki, kuma da zarar an farfaɗo da shi, ƙofar da ke kulle ta buɗe. Idan layin yana hannun wani, waɗannan kwanaki su ne mafi hatsari. Wannan jimla tana sa a toshe ƙofar tun ranar farko, kuma idan wani abu ya fita bayan ranar, kana da shaidar cewa ka gargaɗe su a rubuce.

Dalilin rufewa ba dole ba ne ka yi dogon bayani. "Na daina amfani da shi" ya wadatar. Za su iya lallashinka ka bar shi, aikinsu ne, kai kuma haƙƙinka ne ka ce a'a. Idan kana da ƙorafi kan wani caji da aka yi maka, kada ka cusa shi a nan, domin zai mayar da takardar ta koma teburin ƙorafi. Rubuta masa wasiƙarsa daban, kuma ka fara warware shi kafin a rufe.

Abin da ba ya shiga wasiƙa ko kaɗan: lambar sirrin kati, da kalmar sirrin manhaja, da lambobi ukun da ke bayan kati, da OTP. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da ke buƙatar su domin rufe asusu.

Sa hannu, inda ake yawan faɗuwa

Ranar da ka buɗe asusu an ɗauki sa hannunka an adana. Da shi za a gwada wanda ke kan wasiƙar. Yaron da ya buɗe asusu yana ɗan sakandare, ya ƙirƙiri wani sa hannu mai ƙawa a ranar, bayan shekara shida ko bakwai da wuya ya tuna shi. Saboda haka kada ka sa hannu a gida. Bari sai ka je gaban ma'aikacin. Idan ka manta, faɗa masa gaskiya tun farko maimakon ka yi ta gwaji, domin sa hannu uku mabambanta a takarda ɗaya zargi yake jawowa. Akwai hanyar sabunta shi: a tantance ka da yatsa ta BVN ko da katin shaida, ka cike fom, a ɗauki sabo. Wanda da dangwale ya buɗe, da dangwale zai rufe.

Za ka iya buga wasiƙar a waya da `Google Docs` ko `WPS Office`, ka adana ta a matsayin PDF, ka fitar da ita a shagon kwamfuta. Rubutun hannu ma ana karɓa in dai ana iya karanta shi. Idan a shago aka buga maka, ka tsaya a goge fayil ɗin a gabanka, domin takarda ce mai ɗauke da sunanka da BVN da lambobin asusunka biyu. Kwafi biyu za ka fitar.

A cikin banki

Teburin kula da abokan hulɗa za ka nufa, ba kantar biyan kuɗi ba. Ka riƙe wasiƙa kwafi biyu, da takardar NIN ta asali da kwafinta, da hoton fasfo ko biyu, da tsohon kati idan yana nan, da littafin cak idan asusun kasuwanci ne. Wasu bankuna suna neman shaidar adireshi kafin su farfaɗo da asusu, kamar takardar kuɗin wuta. A ƙauyukanmu ba kowane gida ke da ita ba, don haka ka kira lambar da ke shafin bankin na gaskiya tun kana gida, ka tambayi abin da suke karɓa a madadinta. A kiran nan ka tambayi ko kowane reshe zai iya yi, ko sai wanda ka buɗe a cikinsa. Ka fita da sassafe, kuma ka guji ranar Juma'a da ƙarshen wata in da hali.

Galibi za a ba ka nasu fom ɗin, mai suna `Account Closure Form`. Cike shi, amma kada ka janye wasiƙarka, a haɗa su tare. Fom ɗin ba shi da gurbin maganar tsohon layi.

Kafin ka sa hannu a komai, nemi a nuna maka abin da ke ciki, ka kuma yi tambaya ɗaya: akwai `Lien` ko `PND` a kan asusun? Na farko yana nufin an riƙe wani adadi na kuɗin, misali saboda bashi ko wata taƙaddama kan kuɗin da aka turo. Na biyu yana nufin an hana fitar da kuɗi kwata-kwata, ko don takardunka ba su cika ba, ko bisa umarnin kotu ko bincike. Na rashin takardu a nan take ake gyara shi. Na kotu kuwa, manajan reshe ba shi da ikon ɗage shi, kuma wasiƙarka ba za ta motsa ba sai an warware tushen maganar. Ka nemi a faɗa maka wanda ya sa da dalili.

Sai abu mafi muhimmanci a duk tafiyar: a buga wa kwafinka hatimin karɓa, da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. Kada ka fito ba tare da shi ba. "Mun karɓa, je ka za ka ji alat" ba shaida ba ce. Kana fitowa ka ɗauki hotonsa, ko ka yi amfani da `Scan` na cikin `Google Drive`, don ko takardar ta jiƙe ko wayar ta ɓata, yana nan.

Mu ƙarasa lissafin matashinmu. An duba an ga Naira 18,640. Kuɗin tura abin da ke tsakanin 5,001 da 50,000 zuwa wani banki, a jadawalin 2020, Naira 25 ne, da VAT ya zama 26.88. Saura 18,613.12. Akwai kuma Naira 50 ta gwamnati da ke hawa kan turin da ya kai 10,000, wadda idan ta hau za ta mayar da shi 18,563.12. Idan abin da ya shigo ya yi kusa da haka, lafiya lau. Idan ya ga 15,000, to ya buɗe bayanin shige da ficen da ya nema a wasiƙa, ya bi layi-layi ya ga inda sauran ya tafi. Amfanin neman sa ke nan.

Idan ba za ka iya zuwa ba

Wasu bankuna suna karɓar wasiƙar da aka sa wa hannu aka ɗauki hotonta, in dai daga imel ɗin da ke kan asusun ta fito. Amma asusu mai barci wanda layinsa ya ɓata, kusan kullum sai mai shi ya bayyana da kansa, kuma wannan kariya ce gare ka. Aiken ƙane da wasiƙa ba ya aiki. Asusun haɗin gwiwa sai masu sa hannu sun sa bisa yadda aka tsara tun farko. Asusun mamaci kuwa wata hanya ce daban da ke bi ta takardun gado daga kotu, wannan wasiƙa ba ta shafe shi ba. Asusun da aka buɗe a manhaja tun asali, a cikin manhajar ko ta sashen taimakonta ake neman rufewa, kuma jimlolin nan na sama su za ka tura musu.

Gargaɗi ɗaya a nan. Kada ka je ƙarƙashin shafin banki a Facebook ko X ka rubuta lambar wayarka kana cewa an ƙi rufe maka asusu. 'Yan damfara suna zaune a wajen suna jira. Cikin ɗan lokaci za a kira ka, ko a yi maka magana ta WhatsApp da hoton tambarin bankin, a ce ka karanto lambar da aka turo maka "don a saki kuɗinka".

Bayan an miƙa

Shigowar kuɗi ba ita ce shaidar rufewa ba. Yana yiwuwa a tura kuɗin a bar asusun a buɗe da sifili. Bayan 'yan kwanaki ka gwada sa tsohuwar lambar a manhajarka kamar za ka tura kuɗi, ka tsaya a inda suna ke fitowa. Idan ya ƙi fitowa, alama ce mai kyau. Idan ya fito, ka kira ka tambaya. Amma shaidar da za ka dogara da ita ita ce saƙo ko takardar bankin da ta ce an rufe. Sai ka same ta sannan ka goge manhajar, ka datse katin ta kan ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinare. BVN ɗinka ba ta mutuwa da rufe asusu, ko da a wannan bankin ka yi ta. Lamba ɗaya ce, da ita za ka ci gaba a ko'ina.

Idan shiru ya yi yawa, shigar da ƙorafi a bankin a rubuce, ka haɗa hoton kwafin nan mai hatimi, ka karɓi lambar bibiyar ƙorafi. CBN ya ba bankuna mako biyu su warware irin wannan. Idan wa'adin ya wuce ba a yi komai ba, sai ka rubuta wa Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na CBN ta `cpd@cbn.gov.ng`, ko ka kai takardar reshensu da ke Katsina. Ka faɗi sunanka da lambar wayarka, da sunan bankin da reshen, da ranar da ka miƙa wasiƙa, da lambar bibiyar, da abin da kake nema. Ba sa sauraron wanda bai fara kai kuka bankinsa ba, shi ya sa hatimin yake da daraja.

Wanda kuma nasa asusun ya kai shekara 10 yana barci, zai iya zuwa a ce masa kuɗin ba ya bankin. Bai salwanta ba. Ƙa'idar 2024 ta ce a mayar da irin wannan kuɗi wani asusun amana da ke CBN, kuma mai shi ko magadansa suna da damar nema a kowane lokaci. Ta bankin da aka buɗe asusun ake bi: ka cike fom ɗin neman mayarwa da shaidar cewa kai ne mai shi, su tantance, su tura buƙatar CBN. A wannan hali sai ka sauya jimla ta biyu ta wasiƙar, maimakon "a farfaɗo da shi", ka ce a nemo maka kuɗinka da aka mayar CBN, a tura shi asusun da ka rubuta a ƙasa.